Me Ya Sa Bidiyon da Aka Matse Yake Ƙara Nauyi?



Sharhinmu na yau ya shafi wani abu da ke ɗaure wa masu waya da masu aikin tace bidiyo kai. Mutum yana da bidiyon biki, ko karatun malami, ko tallar hajarsa. Yana son ya tura wa 'yan'uwa, amma yana tausayin datarsa da tasu. Sai ya sauke manhajar rage nauyin bidiyo, ya danna, ya zauna yana jira har wayar ta ɗauki zafi. Da aikin ya ƙare sai ya tarar bidiyon da ke da MB 60 ya koma kusan MB 200. Ga nauyi ya ƙaru, ga hoton bai kai na farko kyau ba. Wani ya ce manhajar ta bogi ce, wani ya ce wayarsa ce ta sami matsala. A mafi yawan lokuta ba ko ɗaya. Manhajar ta yi abin da aka umarce ta ne daidai, umarnin ne bai dace da wannan bidiyon ba.

Abin da nake so mu tafi da shi yau guda ɗaya ne. Nauyin bidiyo lissafi ne mai sauƙi, kuma duk wanda ya iya lissafin zai san tun kafin ya danna komai ko bidiyonsa zai ragu ko zai kumbura.

Abu biyu ne ke yanke nauyin kowane bidiyo. Na farko tsawonsa, wato daƙiƙa nawa yake ɗauka. Na biyu yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa ɗaya, abin da masu sana'ar ke kira bitret, za ka kuma gan shi a allo an rubuta Bitrate. Ana auna shi da megabit a daƙiƙa, a allo Mbps, ko kilobit a daƙiƙa, a allo kbps. Kilobit 1,000 ne megabit 1. Shi kuma MB ɗin da muke gani a jikin fayil megabayit ne, kuma megabit 8 ne ke yin megabayit 1. To ga lissafin: ka ɗauki bitret, ka ninka shi da yawan daƙiƙoƙi, ka raba da 8. Abin da ya fito shi ne nauyin bidiyon. Bidiyon minti 1 da aka ba megabit 8 a daƙiƙa zai yi MB 60. Ko hoton fes yake, ko dishi-dishi, ko ma bango kawai aka ɗauka, in dai megabit 8 aka zuba a kowace daƙiƙa, MB 60 ne.

Saura mu san abin da manhajar take yi idan ka ce ta matse. Yawancinmu muna zaton tana kama fayil ɗin ne yadda yake ta ƙara danne shi. Ba haka take yi ba. Duk bidiyon da ke cikin wayarka an riga an matse shi, ko dai lokacin da kyamara ta ɗauka, ko lokacin da ya bi ta WhatsApp, Facebook, TikTok ko YouTube. Manhajar ba ta iya matsi a kan matsi. Sai ta fara warware bidiyon, ta mayar da shi ɗanyen hoto ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sake matse waɗannan hotunan daga farko, da nata ma'aunin.

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya ga ana fasa dilar gwanjo zai gane nan take. Inji ne ya danne dilar nan aka ɗaure ta tam. Da an yanke maɗaurin kayan za su baje su cika rumfa. In aka ce a mayar da su buhu da ƙarfin hannu, za a danna iya dannawa, amma buhunan da za a samu sai sun fi dilar girma. An matse kam, sai dai matsin na biyu bai kai na farko ƙarfi ba.

Girman wannan bajewar yana da ban mamaki. Ƙaramin bidiyo mai ɗigo 848 a faɗi da 480 a tsaye, kowane hoto ɗaya nasa idan an warware ya ɗan haura rabin MB. Ga shi hotuna 30 ne ke wucewa a daƙiƙa, wato kusan MB 18 kowace daƙiƙa. A minti 10 ana maganar kusan GB 11 ne. Ba a ajiye wannan tulin a wayarka, hoto-hoto yake wucewa, amma daga shi manhajar take fara aiki. A wurinta, mayar da GB 11 zuwa MB 200 babban matsi ne. Sashen da ke matsewa bai san cewa asalin fayil ɗin MB 60 ne ba, ɗanyun hotuna kawai aka miƙa masa, aka ce ga ma'auni.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce akwai bidiyo biyu na walima guda, kowanne minti 10, wato daƙiƙa 600. Na farko kai ka ɗauka da kyamarar wayarka a 1080p, kuma a ce wayar tana zuba megabit 16 a daƙiƙa, wanda ba baƙon abu ba ne a wayoyin zamani. 16 sau 600, a raba da 8, MB 1,200 ke nan. Na biyu wani ɗan'uwa ne ya turo maka ta WhatsApp, ya zo da MB 60. Juya lissafin ka gano bitret ɗinsa: 60 sau 8 ya ba da 480, a raba da 600, megabit 0.8 ke nan, wato kilobit 800 a daƙiƙa.

Yanzu ka saka su biyun a manhaja guda, ka zaɓi matsakaicin inganci. A ce a bayan wannan zaɓin an saita megabit 2.5 na hoto da kilobit 128 na sauti, jimilla wajen megabit 2.63. Ka ninka da 600, ka raba da 8, za ka sami kusan MB 197. Bidiyon kyamararka ya sauko daga 1,200 zuwa 197, ka yi ta sa wa manhajar albarka. Bidiyon WhatsApp kuwa ya tashi daga 60 zuwa 197, ya ninka fiye da sau 3. Manhaja ɗaya, maɓalli ɗaya, sakamako ɗaya. Bambancin yana wurin da kowannensu ya taso. Wannan shi ne babban dalili, kuma shi ne ya fi faruwa: bitret ɗin da aka saita wa sabon fayil ya fi na tsohon.

Wani zai ce, ni ai ban saita bitret ba, inganci na zaɓa. To nan ma akwai inda ake faɗawa. Manhajojin kwamfuta irin su HandBrake da FFmpeg suna da hanyar da kake ce musu su riƙe wani matakin kyau, su kashe duk bayanan da hakan ke buƙata. A HandBrake ana kiranta Constant Quality, tana da lamba mai suna RF. A FFmpeg sunan lambar CRF. A tsarin matsi na H.264 lambar tana tafiya daga 0 zuwa 51, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi kyau da nauyi. FFmpeg yana farawa da 23 idan ba ka taɓa komai ba. Abin da masu aikin suka saba gani shi ne, rage 6 daga lambar yana kusan ninka nauyin fayil, ƙara 6 kuma yana kusan raba shi biyu. Wanda ya ja lambar zuwa 17 don yana son hoto ya fito tas ya nemi ninki biyu ke nan, wanda ya kai ta 0 kuwa ya ce kada a zubar da komai, fayil ɗinsa zai yi nauyin da bai taɓa zato ba.

Wannan hanyar ba ta yi maka alkawarin nauyi ba, kamanni ta yi maka alkawari. Kuma ga inda gizo ke saƙar. Bidiyon da aka matse sosai yana ɗauke da tabo: ƙananan murabba'ai a wuri mai duhu, gurɓata a gefen rubutu, launin sama da ke hawa mataki-mataki. Idonka ya san waɗannan lahani ne. Manhajar ba ta sani ba. A wurinta duk abin da ke cikin hoton sashen hoton ne, don haka sai ta kashe bayanai wajen kwafe tabon da kyau. Haka nan bidiyon da aka ɗauka da dare, wanda hotonsa ke tsatsa kamar an watsa yashi, ko wanda hannu ke rawa, ko taron da ake ta motsi ana liƙi. Matsin bidiyo ya dogara ne da cewa hoton da ke biye yana kama da wanda ya gabace shi, sai a rubuta bambancin kawai. Tsatsar dare kuwa tana sauyawa a kowane hoto, ba abin da za a ce ya maimaitu, shi ya sa take cin bayanai.

Bayan waɗannan biyun, akwai saituna uku da ke ƙara nauyi mutum bai ankara ba.

Na farko tsarin matsin kansa. H.264 ya fito ne a 2003, kuma har yau kusan kowace na'ura tana buɗe shi. H.265, wanda ake kira HEVC, ya biyo baya a 2013, an tsara shi da nufin ba da kyau iri ɗaya da kusan rabin bayanan. AV1 ya zo a 2018. Wayoyin iPhone tun 2017 suna iya ɗauka da HEVC, a saitin kyamara za ka ga High Efficiency, kuma wayoyin Android da yawa suna da irin wannan zaɓin. Idan asalin bidiyonka HEVC ne, ka sa manhaja ta mayar da shi H.264 kuma ta riƙe kyansa, ka tashi daga tsarin da ya fi iya tattali ka koma wanda bai kai shi ba. Dole nauyi ya ƙaru. Ƙari a kan haka, manhajojin waya sukan yi amfani da ɓangaren matsi na cikin wayar saboda sauri. Yana da sauri ƙwarai, amma yawanci yana buƙatar bayanai fiye da kwamfutar da ta ɗauki lokacinta kafin ya ba da kyau iri ɗaya.

Na biyu girman hoto da yawan hotuna a daƙiƙa. Wannan ya fi kama masu tace bidiyo a waya. Ka ɗauko bidiyon 480p, ka ɗora masa rubutu da lambar shago, ka zo fitarwa sai ka tarar manhajar tana kan 1080p, ka bar ta haka don kana ganin ya fi. Hoton 1080p yana da ɗigo sama da miliyan 2, kusan ninki 5 na wancan ƙaramin. Babu sabon abu ko ɗaya da ya shigo hoton, buɗa shi kawai aka yi, amma manhajar za ta ware masa bitret irin na babban bidiyo. Haka idan an ɗauka a hoto 30 a daƙiƙa ka fitar a 60, manhajoji da yawa za su ɗaga bitret saboda wannan zaɓin, alhali maimaita hotunan kawai aka yi.

Na uku sauti, wanda ake yawan mantawa da shi. A karatun malami ko lacca, inda mai magana yake zaune ba ya motsi sosai, hoto ba ya cin bayanai da yawa, sai sauti ya zama babban kaso. Sautin awa 1 a kilobit 64 bai kai MB 29 ba. A kilobit 128 ya kusa MB 58. A kilobit 320 MB 144 ne. In kuwa aka fitar da shi ɗanye, irin wanda za ka ga an rubuta PCM, zai iya kai wa kusan MB 690 a awa, sauti kaɗai. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar wannan. Kilobit 64 a tsarin AAC ya wadatar da magana.

To jama'a, yaya za a kauce wa wannan?

Matakin farko, kafin ka taɓa bidiyon, ka san shi. Duba nauyinsa da tsawonsa ka yi lissafin da muka yi: MB sau 8, a raba da daƙiƙoƙi. In kana son cikakken bayani akwai manhaja mai suna MediaInfo, tana aiki a kwamfuta da waya. Za ta nuna maka layin Overall bit rate, ta gaya maka girman hoton, da tsarin matsin, da bitret ɗin sautin. Da ka ga bidiyon 480p yana ƙasa da megabit 1, ko na 720p yana wajen megabit 1 zuwa 1.5, ka san an riga an tatse shi. Ragowar da za ka samu kaɗan ce, kuma da kyan hoto za ka biya.

Mataki na biyu, ka fara daga nauyin da kake so, ka dawo baya. Mu koma ga bidiyon nan mai MB 60, a ce lallai sai ya sauka zuwa 40. 40 sau 8 ya ba da 320, a raba da 600, wajen kilobit 530 ke nan a daƙiƙa, hoto da sauti a haɗe. Cire 64 na sauti, saura wajen 470. Ka rage kaɗan saboda rara, ka ba hoto 450. A HandBrake gurbin da za ka rubuta wannan lambar shi ne Avg Bitrate (kbps). A manhajojin waya ka nemi inda aka rubuta Bitrate ko Custom, wasu ma suna ba ka damar rubuta nauyin da kake so kai tsaye. Fayil ɗin zai fito tsakanin MB 38 da 39. Wannan hanyar ita ce ke ba da tabbacin nauyi, domin kai ka yanke lambar.

Mataki na uku, tunda ka rage bayanai, ka rage abin da za su ɗauka. Kilobit 450 a kan hoton 480p mai yawan motsi zai farfashe. In ka ga haka ka sauke shi zuwa 360p, ƙaramin hoto mai tsabta ya fi babba mai tabo daɗin kallo a allon waya. Dokar a nan ita ce kada girman hoto, ko yawan hotuna a daƙiƙa, ko bitret ɗin sauti ya haura na asali. Ko dai su tsaya daidai, ko su sauka.

Mataki na huɗu, ka gwada da ɗan guntu. Yanki daƙiƙa 30 daga wurin da ya fi motsi, ka matse shi kaɗai, ka duba nauyinsa da kyansa. In bidiyon minti 10 ne ka ninka nauyin guntun da 20, ka ga inda za ka dosa. Wanda yake amfani da RF ko CRF, in gwajin ya nuna nauyi ya yi yawa, sai ya ɗaga lambar zuwa 26 ko 28 ya sake dubawa. Wannan ya fi ka bar waya tana aiki rabin awa, caji ya ƙare, sannan ka ga ba a yi komai ba.

Akwai kuma hanyar rage nauyi wadda ba ta taɓa kyan hoto ko kaɗan, ita ce rage tsawo. Tunda nauyi bitret ne sau daƙiƙoƙi, cire minti 3 na jiran baƙi daga bidiyon minti 10 zai sauke MB 60 zuwa 42. Sharaɗin shi ne a yanka ba tare da an sake matsewa ba. A kwamfuta manhajar LosslessCut tana yin haka, a FFmpeg kuma zaɓin `-c copy` ne. Alamar da za ka gane ita ce sauri. Yankan da bai sake matsi ba yana ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, wanda ya ɗauki mintuna kuwa ya warware bidiyon ne yana sake ɗaurewa. Shi kuma saka bidiyo a ZIP, kada ka wahalar da kanka. ZIP yana neman maimaici ne a cikin fayil, matsin bidiyo kuwa ya riga ya kwashe shi, don haka abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba.

Kafin mu rufe, akwai iyakar da ya kamata kowa ya sani. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo da irin waɗannan saitunan, wani abu na zubewa, kuma ba ya dawowa. Fayil ɗin nan da ya kumbura zuwa MB 197 bai fi mai MB 60 kyau ba, kwafinsa ne, har ma ya ɗan gaza shi. Ƙarin nauyin bai sayo komai ba sai asarar data. Saboda haka in ka matse ka ga ya ƙaru, ka goge sabon ka riƙe tsohon. In kana da asalin da kyamara ta ɗauka, daga shi za ka matse, sau ɗaya, ba daga wanda ya zagaya wayoyi biyar ba. Masu ɗaukar bidiyon biki da masu tace finafinai, ku adana asalin a wuri mai aminci. In za ku tura wa abokin aiki don ya tace, ku tura ta WhatsApp a matsayin Document, wanda ba ya taɓa fayil ɗin kuma yana ɗaukar har GB 2, maimakon ku tura ta hanyar da za a sake matse shi.

Malam mai sauraro, Hajiya mai sauraro, duk lokacin da za ku rage nauyin wani bidiyo, ku fara da tambaya ɗaya: bitret nawa yake da shi yanzu, nawa kuma za a ba shi? In lambar ta biyu ta fi ta farko ƙanƙanta, zai ragu. In ta fi ta girma, zai kumbura, ko da wane suna aka rubuta a jikin maɓallin. In kuma lambar farko ta riga ta yi ƙasa sosai, to bidiyon ya kai iyakarsa, ku tura shi yadda yake ko ku rage masa tsawo.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.